Yadda ake gina layin jimla mai tafiya don bin kasafin kuɗin gida na wata

Jimlar da ake haɗawa a ƙasan shafi ranar 30 ga wata ba ta hana kuɗi ƙarewa, domin lokacin da za a gan ta aikin gama ya riga ya gama. Abin da mai riƙe da kuɗin gida yake bukata shi ne ya san inda aka kwana bayan kowace sayayya: an sayi gas yau, nawa aka kashe tun daga ɗaya ga wata zuwa wannan gas ɗin, nawa kuma ya rage. Wannan shi ne aikin layin jimla mai tafiya. Layi ne na tsaye a gefen layin kuɗi, kowane akwati a cikinsa yana tara duk abin da aka kashe daga farkon wata zuwa inda yake.

Za mu gina shi a Excel. Fomulolin da za a gani, ban da ta `Table` na Excel, suna aiki haka nan a Google Sheets da WPS Office, a kwamfuta ko a waya. Akwai hanya biyu da aka saba bi. Ɗaya tana da saurin fahimta amma tana lalacewa cikin wata na farko, ɗayar kuma tana jure goge layi da saka sabo. Za a ga dukkansu, don wanda ya san yadda ta farkon take lalacewa ba zai koma mata ba.

## Shimfiɗa shafin

Bar layuka uku na sama don manyan alƙaluma. A akwatin A2 rubuta "Kasafin wata", a B2 kuma ka sa kuɗin da aka ware wa gida a watan. A misalinmu naira 250,000 ne, watan kuma Maris. Rubuta `250000` kawai, ba alamar naira, ba harafi.

Layi na 4 shi ne na kanun layuka. A4 "Kwanan wata", B4 "Abin da aka saya", C4 "Rukuni", D4 "Kudi", E4 "Jimla zuwa nan", F4 "Saura". Sayayya ta farko za ta shiga layi na 5. Kowace sayayya layinta daban, kuma kuɗi a layin D kaɗai yake shiga. Kada a rubuta "cefane 6,200" a akwati ɗaya, manhajar za ta ɗauke shi a matsayin rubutu, ba za ta lissafa ba.

In ana son alamar naira ta fito, ba da hannu ake buga ta ba. Zaɓi B2 da layukan D, E da F, danna `Ctrl+1`, shiga `Custom`, ka sa wannan:

```
"₦"#,##0
```

Daga nan in ka buga 6200, zai fito ₦6,200, amma a cikin akwatin lamba ce tsagwaronta. A Google Sheets hanyar ita ce `Format`, sai `Number`, sai `Custom number format`. Kafin a bar nan, danna A5 ka zaɓi `View` sannan `Freeze Panes`, don layuka huɗun sama su tsaya cak yayin da kake sauka ƙasa. Idan sayayya ta kai sittin, za ka ji daɗin ganin kasafi da kanun layuka ba tare da ka koma sama ba.

Ga sayayyar mako na farko. Farashin na misali ne, kowa zai sa na kasuwarsu. Layukan E da F suna nuna abin da ya kamata fomula ta fitar, sai ka gwada naka da su.

| Layi | Kwanan wata | Abin da aka saya | Rukuni | Kudi | Jimla zuwa nan | Saura |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 5 | 1 Maris | Shinkafa da masara | Abinci | 68,000 | 68,000 | 182,000 |
| 6 | 1 Maris | Katin wuta | Wuta | 15,000 | 83,000 | 167,000 |
| 7 | 2 Maris | Cika tukunyar gas | Girki | 14,500 | 97,500 | 152,500 |
| 8 | 3 Maris | Cefane | Abinci | 6,200 | 103,700 | 146,300 |
| 9 | 4 Maris | Ruwan 'yan garuwa | Ruwa | 2,400 | 106,100 | 143,900 |
| 10 | 5 Maris | Man mashin | Sufuri | 9,000 | 115,100 | 134,900 |
| 11 | 6 Maris | Magani | Lafiya | 7,300 | 122,400 | 127,600 |

## Hanyar sarƙa da yadda take tsinkewa

Abin da yake fara zuwa wa mutum a rai shi ne yadda ake yi a littafi: jimlar da ke sama a ƙara mata sabon kuɗi. Sai ya sa `=D5` a E5, ya sa `=E5+D6` a E6, ya ja ƙasa. Alƙaluman za su fito daidai da na teburin nan. Matsalar ita ce kowane akwati ya rataya ne a wuyan wanda ke samansa, kamar zoben sarƙa.

Ka ce an gano an rubuta gas sau biyu, ko ba a saye shi ba, sai aka goge layi na 7 gaba ɗaya. Akwatin da ke ƙasansa yana neman E7, E7 kuwa ya tafi, sai ya nuna `#REF!`, duk na ƙasa su bi shi. Wannan da sauƙi, don ido yana gani, a gyara.

Wanda ya fi illa shi ne saka layi. Ranar 6 ga wata uwargida ta tuna cewa ran 3 an biya kuɗin Islamiyyar yara naira 12,000, ba a rubuta ba. Aka buɗe sabon layi a ƙarƙashin cefane, ya zama layi na 9, ruwa ya koma na 10. Fomular layin ruwa a da `=E8+D9` ce, yanzu ta zama `=E8+D10`. Wato har yanzu tana ɗauko jimla daga layin cefane, ta tsallake kan kuɗin Islamiyya. Ko an sa fomula a sabon layin, na ƙasa ba sa dubanta. Ba jan rubutu, ba alamar kuskure. Layin ƙarshe zai ci gaba da cewa an kashe 122,400, saura 127,600, alhali abin da aka kashe 134,400 ne, saura 115,600. Gidan zai ci gaba da lissafi da naira dubu goma sha biyun da babu su. Mantuwa kuwa ba ta rabuwa da lissafin gida, kusan kowane mako sai an saka layi a tsakiya, shi ya sa wannan hanyar ba ta dace da aikin ba.

## Fomular da ke jure canji

Maimakon kowane akwati ya dogara da na samansa, sai a sa kowanne ya tara layin D da kansa, daga sama har zuwa inda yake. A E5 rubuta:

```
=SUM(D$4:D5)
```

Sirrin yana cikin alamar `$` da ke gaban lamba 4. Ita ce turken da ke ɗaure farkon lissafin. In aka kwafi fomular zuwa ƙasa, `D$4` ba ya motsi, `D5` kuma yana bin layi. A E6 za ta zama `=SUM(D$4:D6)`, a E11 ta zama `=SUM(D$4:D11)`. Kan yana nan daram, wutsiyar ce take tsawo. A kwamfuta, in ka sa alamar rubutu a kan D4 cikin fomula ka danna `F4`, zai riƙa juya maka tsakanin `$D$4` da `D$4` da `$D4` da `D4`. Na farko da na biyu duk suna yi. A waya da hannu ake buga alamar.

In aka manta da `$`, fomular E6 za ta zama `=SUM(D5:D6)`, ta E7 `=SUM(D6:D7)`, kowane akwati yana haɗa layi biyu kacal. Ana gane wannan da wuri: jimla tana hawa tana sauka. A misalinmu E7 zai nuna 29,500 bayan E6 ya nuna 83,000. Jimlar kashe kuɗi ba ta sauka sai an dawo da kuɗi, don haka duk inda ta sauka ba dalili, a duba turken.

Mai lura zai tambaya me ya sa aka ɗaure a D4, wanda kalmar "Kudi" ce a ciki, ba D5 ba inda lamba ta fara. Da gangan ne. `SUM` ba ya kula rubutu, yana wuce shi kamar babu, don haka kan layin ba ya ƙara komai. Amfaninsa yana fitowa ranar da aka tuna wata sayayya da ta riga shinkafa, aka saka layi a saman na 5. In turken a `D$5` yake, zai matsa tare da shinkafar ya koma `D$6`, sabon layin ya kasance a wajen lissafi. In a `D$4` yake, duk abin da aka saka a ƙarƙashin kanun layuka yana ciki.

Yanzu a maimaita gwajin Islamiyya. An saka sabon layi na 9, an rubuta 12,000. Fomular layin ruwa ta zama `=SUM(D$4:D10)` da kanta, D9 kuma yana tsakanin 4 da 10, don haka ya shiga. Ruwa zai nuna 118,100, man mashin 127,100, magani 134,400. Abin da ya rage shi ne E9 da F9 na sabon layin, waɗanda galibi suke zuwa fanko: zaɓe su ka danna `Ctrl+D`, za su kwafo fomular da ke samansu, E9 ya nuna 115,700. Ko ka manta ba ka cike su ba, lissafin ƙasa bai taɓu ba. Goge layi ma haka, iyakar kowace fomula takan tsuke da layi ɗaya, shi ke nan.

Wani lokaci Excel yakan sa ɗan koren tabo a kusurwar akwatunan E, da saƙon `Formula omits adjacent cells`. Yana nufin akwai lambobi a ƙasa da fomular ba ta haɗa ba. Haka muke so, a ƙyale shi.

Saura kuwa, a F5:

```
=$B$2-E5
```

Nan ma `$B$2` a ɗaure yake, don kowane layi ya koma ga kasafi guda. In aka bar shi `B2`, layi na gaba zai ɗauko B3, na gabansa B4 inda rubutu yake, sai `#VALUE!` ta fito.

## Shirya layukan da ba a kai ba tukuna

Ba wanda zai so jan fomula duk lokacin da aka sayi barkono. Gara a shimfiɗa ta har layi na 200 tun farko. Sai dai in aka yi haka da fomular yadda take, duk layukan da babu komai za su riƙa maimaita jimlar ƙarshe, shafi ya cika da 134,400 har ƙasa. Maganinsa a ce wa akwatin ya yi shiru in D fanko ne. E5 da F5 su koma haka:

```
=IF(D5="","",SUM(D$4:D5))
=IF(D5="","",$B$2-E5)
```

Ma'anar ita ce: in babu komai a D5, kada ka nuna komai, in akwai, yi lissafi. Alamun `""` guda biyu manne suke, babu tazara a tsakaninsu.

Don shimfiɗawa, je ƙaramin akwatin da ke hagu da wurin rubuta fomula, inda sunan akwati yake fitowa, buga `E5:F200`, danna `Enter`, sannan `Ctrl+D`. Danna ɗan ɗigon kusurwar akwati sau biyu ba zai yi a nan ba, domin yana tsayawa ne inda rubutun layin da ke gefe ya tsaya. A waya, kwafi E5 da F5, ja zaɓi zuwa ƙasa, ka liƙa. Gidan da ke rubuta sayayya huɗu ko biyar a rana, layi 200 ya ishe shi wata.

A nan ma akwai wani dalilin guje wa hanyar sarƙa. Akwatin da ya "yi shiru" ba fanko ba ne na gaskiya, rubutu ne marar harafi. In aka tsallake layi ɗaya, alamar `+` ta ci karo da shi, sai `#VALUE!`. `SUM` kuwa wuce shi yake.

Tunda sauran ƙarshe yana iya kasancewa can ƙasa, a sa shi a sama inda ido zai faɗa da an buɗe fayil. D2 "Saura yanzu", E2 kuma:

```
=B2-SUM(D4:D200)
```

Wannan akwatin yana da aiki na biyu: dole ya yi daidai da lamba ta ƙarshe a layin F. Duk ranar da suka saɓa, wata fomula ta lalace a tsakiya.

Masu aiki da `Table` na Excel, wanda ake yi da `Ctrl+T`, su lura da abu ɗaya. Yana da daɗi don yana cika fomula da kansa a kowane sabon layi, amma yakan miƙa iyakar fomular layin da ya gabata har ta haɗa da sabon, sai layi biyu su nuna jimla iri ɗaya. A cikinsa gara a yi amfani da wannan, ba sai an haɗa da `IF` ba:

```
=SUM(INDEX([Kudi],1):[@Kudi])
```

Dalilin da ya sa aka rubuta kan layin "Kudi" ba tare da ƙugiya ba ke nan, don sunan ya yi sauƙin bugawa cikin fomula a kowane allon rubutu.

Wanda kwamfutarsa take da Excel na Faransanci, kamar yadda aka fi samu a Nijar da Chadi da wani ɓangare na Kamaru, sunayen sun bambanta: `SUM` shi ne `SOMME`, `IF` shi ne `SI`, kuma `;` ake sa wa a madadin waƙafi. Fomular E5 za ta zama `=SI(D5="";"";SOMME(D$4:D5))`.

## Lambar da ba lamba ba

Juriyar `SUM` tana da nata lahanin. Tunda yana wuce rubutu ba tare da ƙorafi ba, duk kuɗin da aka buga ba daidai ba shi ma wuce shi zai yi. `N9000`, `9k`, `9,000 naira`, harafin O a madadin sifili, ko lambar da aka kwafo daga saƙon banki da `NGN` manne a jikinta, duk rubutu ne a wurinsa. Alamar ita ce jimla ta maimaita kanta: layin man mashin ya nuna 118,100 daidai da na ruwa da ke samansa. Alama ta biyu, lamba ta gaskiya tana jingina da dama a cikin akwati, rubutu kuma da hagu, muddin ba a canza jerin da hannu ba. Saboda haka kada a tsakaita layin D don ado, ana rasa wannan alamar.

Ido yana gajiya, don haka a ɗora wa shafin gadin. A3 "Kuskuren lamba", B3 kuma:

```
=COUNTA(D5:D200)-COUNT(D5:D200)
```

`COUNTA` yana ƙirga duk akwatin da ke da wani abu, `COUNT` yana ƙirga masu lamba kawai. In B3 sifili ne, lafiya. In ya nuna 2, akwai akwati biyu da jimla ba ta gani. A nemo su a sake buga lambar.

Kuskure biyu kuma da suke yawan faruwa. Na farko, buga lamba a kan fomula a layin E bisa kuskure, musamman a waya inda yatsa yake zamewa. Ana gane shi in an danna akwatin aka ga lamba maimakon fomula, gyaransa `Ctrl+D` daga na sama. Shafa wa layukan E da F launin toka mai haske yana tuna wa kowa cewa ba a rubutu a nan. Na biyu, yanke akwati da `Ctrl+X` a kai shi wani layi. Fomular da ke duban akwatin takan bi shi inda ya koma, sai E8 ya wayi gari yana duban D12. In an sa kuɗi a layin da ba nasa ba, a goge a sake bugawa. In kuma saƙon `circular reference` ya fito, an sa fomula ta tara layin da take ciki, kamar a rubuta E maimakon D.

## Abin da ke shiga layin kuɗi

Fomula za ta iya zama daidai, lissafi ya zama ƙarya, in ba a tsai da ƙa'idar abin da ake kira kashewa ba. Nan ne gidaje da yawa suke ruɗewa.

Cire kuɗi a wurin mai POS ba kashewa ba ne. In an ciro 20,000, kuɗin sun tashi daga asusu ne sun koma aljihu, har yanzu na gida ne. Abin da ya fita shi ne ladan mai POS, a ce 400, shi za a rubuta. In aka rubuta 20,000 ɗin, sannan aka rubuta cefanen da aka yi da su, an ƙirga sau biyu. Kuɗin cefane da maigida yake ba uwargida duk mako shi ma haka: ko a rubuta shi dunƙule ranar da aka bayar, ko a rubuta kayan miya ɗaya bayan ɗaya, amma ba duka biyun ba. Wanda ba ya son ƙananan rubutu, dunƙulen ya fi masa, kuma ya fi ɗorewa.

Bashin mai shago a rubuta shi ranar da aka karɓi kayan, ba ranar biya ba, a sa "bashi" a bayanin. Sukari da madarar da aka karɓa ran 10 sun riga sun ci daga kasafin watan, ko da sai ran 28 za a biya. Ranar biya kuma ba a sake rubutawa. In aka jira ranar biya, layin saura zai yi ta nuna kuɗin da tuni suna da mai su.

Kuɗin da aka dawo da su, kamar kayan da aka mayar ko canjin da ɗan aike ya kawo daga baya, a sa su da alamar ragi, `-1500`, jimla za ta sauka da kanta. Amma sabon kuɗin da ya shigo, kamar gudummawar ɗan'uwa ko kwasar adashi, kada a sa shi da ragi a layin D, domin zai ɓoye ainihin abin da aka kashe. A ƙara shi a kasafi: B2 ya zama `=250000+30000`, yadda in an danna za a ga asalinsa. Zubin adashi kuwa fita ne daga kasafin watan, a rubuta shi.

Sau ɗaya a mako a ƙirga abin da ke hannu da abin da ke asusu na kuɗin gida, a cire bashin da ba a biya ba, a gwada da E2. In shafin ya ce 115,600 amma abin da ke akwai 112,900 ne, akwai 2,700 da aka kashe ba a rubuta ba, galibi kuɗin adaidaita, katin waya, sadaka ko kuɗin tara na yara. In an kasa tunawa, a buɗe layi a rubuta "Ba a tuna ba" 2,700. Ya fi a bar gibin, don gibin da aka bari yana haɗuwa da na mako mai zuwa har a daina yarda da shafin.

## Jimlar kowane rukuni da rabon kullum

Jimla ɗaya tana faɗa maka an kashe da yawa, ba ta faɗa maka a ina. Don ganin yadda abinci kaɗai yake tafiya, ƙara kai a G4 "Jimlar rukuni", G5 kuma:

```
=IF(D5="","",SUMIFS(D$4:D5,C$4:C5,C5))
```

A shimfiɗa ta har G200 kamar na E da F. Turke iri ɗaya ne, sai dai tana tara layukan da rukuninsu ya yi daidai da na wannan layin kaɗai. A layin cefane za ta nuna 74,200, wato 68,000 na hatsi da 6,200. Ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma "Abinci" da "Abinci " mai tazara a ƙarshe rukuni biyu ne a wurinta, haka ma "Kuɗin wuta" da "Kudin wuta". Don toshe wannan, zaɓi `C5:C200`, shiga `Data`, `Data Validation`, zaɓi `List`, ka buga rukunan da waƙafi a tsakaninsu. Daga nan zaɓa ake yi, ba bugawa ba. Rukuni shida zuwa takwas sun isa gida, in suka yi yawa sai a fara gardamar inda sabulu zai shiga.

Lambar da ta fi saurin canza halin kashe kuɗi ita ce rabon kullum: abin da ya rage a raba shi da kwanakin da suka rage. D3 "Rabon kullum", E3:

```
=E2/(EOMONTH(TODAY(),0)-TODAY()+1)
```

Ran 6 ga Maris saura kwana 26 har da ranar, 115,600 a raba 26 ya ba da kusan 4,446. Amma wannan lambar tana da zaƙin baki in akwai babban biya a gaba. In an san akwai zubin adashi na 20,000 ran 25, gara a shigar da shi tun yanzu da kwanan watansa. Saura zai koma 95,600, rabon kullum ya sauka zuwa kusan 3,677, wanda shi ne na gaskiya. Sayayyar da ta biyo baya a ci gaba da rubuta ta a ƙasansa, jimla ba ta damu da jerin kwanaki ba. In albashi ran 25 yake shigowa kuma daga nan watan gidan yake farawa, a sa ranar ƙarshen zangon a wani akwati, a ce G2, a maye gurbin `EOMONTH(TODAY(),0)` da `G2`.

Don layi ya yi ja in saura ya yi ƙasa, zaɓi `A5:G200`, shiga `Conditional Formatting`, `New Rule`, zaɓi wanda ake sa fomula, ka buga:

```
=AND(ISNUMBER($F5),$F5<30000)
```

`ISNUMBER` ɗin ba ado ba ne. Excel yana ɗaukar kowane rubutu a matsayin wanda ya fi kowace lamba girma, don haka wanda ya sa ƙa'ida irin `=$E5>$B$2` ba tare da shi ba zai ga duk layukan da suka yi shiru sun yi ja har 200. Iyakar 30,000 kuwa kowa ya sa tasa, gwargwadon cefanen mako guda a gidansa.

## Sabon wata

Kada a ci gaba da rubutu a ƙasan Maris, jimla za ta haɗa wata biyu a gwada su da kasafin wata ɗaya. Danna dama a kan sunan shafin da ke ƙasa, zaɓi `Move or Copy`, sa alama a `Create a copy`. A Google Sheets `Duplicate` ne. Canza sunan kwafin zuwa Afrilu, zaɓi `A5:D200` ka danna `Delete`. Abin da ke cikin akwatunan za a share, ba layukan ba, kuma kada zaɓin ya taɓa E zuwa G. Layukan lissafi za su yi shiru da kansu.

B2 na sabon watan a buga shi da hannu: kasafin Afrilu da abin da ya rage a Maris, ko a cire in an zarce, misali `=250000-8500`. In akwai bashin mai shago na Maris da ba a biya ba, an riga an ƙirga shi a can, don haka ranar da aka biya ba ya shiga layin D na Afrilu, sai dai a ajiye kuɗinsa gefe lokacin ƙirgar mako. Rabon kullum na tsohon shafin kuma a share shi, domin `TODAY()` yana bin ranar da ake ciki ne, zai riƙa raba sauran Maris da kwanakin Afrilu.